Daga Bakin Likita Zuwa Folda: Yadda Ake Rubuta Rahoton Tiyata

Aikin tiyatar da ya ci sa'a biyu, likitan da ya yi shi kan ba da labarinsa cikin minti ɗaya. Yana tuɓe safar hannu, hankalinsa na kan majiyyacin da ke jiran layi, sai ya juya ga ƙaramin likitan da ya taya shi ya zayyano abin da aka yi, ya ce masa ya rubuta, zai dawo ya sa hannu. A asibitocin da ake horar da likitoci, wannan rubutu kan faɗo a hannun mataimaki. A wasu ƙasashen kuma likitan na faɗa ne a na'urar ɗaukar murya, sakatare ya buga. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ya shiga folda shi ne abin da zai rage, domin da zarar an ɗinke ciki babu mai sake ganin abin da ke cikinsa.

Matsalar ita ce baki da takarda ba hanya ɗaya suke bi ba. Likita kan fara da abin da ya ba shi mamaki, ya tsallake abin da ya saba yi kullum, ya koma baya idan ya tuna wani abu. Rahoton tiyata kuwa yana da gurabe da mai karatu ya san inda zai nufa: dalilin da ya sa aka yi aikin, matakan da aka bi, abin da aka tarar, da yadda aka rufe. Aikin mai rubutu shi ne ya warware maganar ya kai kowace jimla gurbinta, ya kuma gane inda aka bar giɓi.

A ɗauki misalin aikin da likitocin Arewa suka sani sarai: hujewar hanji saboda zazzaɓin taifod. Cuta ce da ke bin gurɓataccen ruwa da abinci, kuma idan ta kai mako na biyu zuwa na uku ba tare da sahihin magani ba, takan ci wasu ƙulle-ƙulle da ke jikin ƙarshen ƙaramin hanji har su huje. Daga asibitin Murtala da ke Kano har asibitin Galmi da ke Nijar, tana cikin abubuwan da suka fi kai yara ɗakin tiyata da gaggawa. A ƙaddara yaro ne ɗan shekara 12, an gama masa aiki da ƙarfe ɗaya na dare, babban likita na magana. A Najeriya da Turanci zai faɗa, a Nijar da Faransanci, amma ga abin da yake cewa:

"Huji biyu ne fa, ba ɗaya ba. Na biyun ya ɓuya can sama, wajen arba'in. Na gyara bakinsu na ɗinke hawa biyu. Mugunya kam ta kai lita. Akwai wani wuri tsakaninsu da ya yi laushi, na binne shi. Afendis lafiya lau, ban taɓa shi ba. Mun wanke sosai. Rufewa kamar kullum, sai dai fata na ba ta tazara. Kada ya ci komai, a ci gaba da magani. Au, ka sa cewa an ga iska a hoto."

Duk wanda ya tsaya a gefen teburin zai fahimci wannan magana. Likitan da zai karɓi yaron da safe, wanda bai ga komai ba, zai tashi da tambayoyi fiye da goma.

Jimlar ƙarshe ita ce ya kamata ta hau sama. Iskar da aka gani a hoton ƙirji, a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, alama ce cewa wani sashe na hanji ko tumbi ya huje, kuma tun kafin a taɓa wuƙa aka san da ita. Gurbin dalili ke nan. Mai rubutu zai haɗa ta da abin da ke folda: zazzaɓi na kwana 16, ciwon ciki da kumburi na kwana uku, ciki ya ƙage yana zafi ko'ina, an ƙara masa ruwa an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta har fitsari ya fara zuwa yadda ake so, mahaifinsa ya sa hannu a takardar amincewa. Sannan ya rubuta cewa aikin gaggawa ne, kuma abin da ake zato shi ne hujewar hanji ta dalilin taifod.

Kalmar zato tana da aiki a wurin. Kuskuren da sababbin likitoci suka fi yi a wannan gurbi shi ne su shigo da abin da aka gani daga baya, su rubuta cewa an yi aiki saboda huji biyu a ƙaramin hanji. Babu wanda ya san huji biyu ne da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Shi ya sa fom ɗin asibitoci da yawa ke da layi biyu, ɗaya na cutar da ake zato kafin aiki, ɗaya na wadda aka samu bayan an buɗe. Idan suka saɓa, kamar a shiga da zaton taifod a tarar afendis ne ya fashe, saɓanin ba abin ɓoyewa ba ne. Shi ne zai nuna wa mai bita ko shawarar buɗe cikin ta dace da abin da aka sani a lokacin, shi ne kuma zai koya wa na baya yadda cututtukan biyu ke rikita mutane. Hasali ma, ko bayan an ga hujin, ba a tabbatar taifod ba ne sai sakamakon ɗakin gwaji ya fito.

Da aka zo matakai, sai a lura babban likita bai faɗi rabinsu ba. Bai ce an kwantar da yaron rigingine ba, bai ce an sa shi barci da robar numfashi ba, bai ambaci robar hanci da ta fitsari ba, bai faɗi irin yankan da aka yi ba. Waɗannan mai rubutu ya gani da idonsa, ko yana iya duba takardar likitan da ya sa barci, don haka zai jera su: an wanke fata, an lulluɓe, an yanka a tsakiyar ciki daga saman cibiya zuwa ƙasa, an zuƙe mugunya an ɗebi kaɗan don gwaji, an bi ƙaramin hanji tun daga farkonsa har mahaɗarsa da babban hanji. A nan tsarin lokaci ake bi, abin da aka fara yi shi ke zuwa farko, a gajerun jimloli.

"Na gyara bakinsu na ɗinke hawa biyu" magana ce mai kyau, amma ba ta cika ba. A rubuce za ta zama: an datse gefen kowane huji har aka kai nama mai jini, an ɗinke shi a gicciye, hawan ciki ya ratsa dukkan kaurin hanji da zare mai narkewa, baikiril mai lamba 3/0, hawan waje ya kama fatar hanjin ta sama ya lulluɓe na farko. A gicciye ake ɗinkewa don kada ramin hanji ya tsuke. Lambar zare kuwa tana tafiya ne a juye: 3/0 ya fi 2/0 siranta, su biyun kuma ba su kai mai lamba 1 kauri ba. Idan mai rubutu bai tuna zaren da aka yi amfani da shi ba, ma'aikaciyar jinyar da ta miƙa kayan aiki ta sani, kuma fakitin zaren na nan a kan tire.

"Mun wanke sosai" ma haka. Sosai ba awo ba ne. Kwalaben ruwan gishiri da aka fasa suna nan a ƙirge, idan guda shida ne masu rabin lita, sai a rubuta an wanke ciki da lita uku na ruwan gishiri mai ɗumi har ruwan da ke dawowa ya yi garau.

Akwai wani abu da ya kamata ya shiga matakai wanda ba kowa ke tunawa ba, wato dalilin zaɓi. Likita na da hanya uku a gaban hanjin da taifod ya huda. Yana iya ɗinke kowane huji shi kaɗai. Yana iya yanke sashen gaba ɗaya ya haɗa bakin biyu, idan hujin sun yi yawa ko sun matsi juna. Yana kuma iya fito da hanjin ta bangon ciki ya sa jaka na ɗan lokaci, idan naman ya ruɓe ko yaron ya galabaita har ba a sa ran ɗinki zai kama. A wannan misali ya zaɓi ta farko. Layi ɗaya da ke cewa an ɗinke su daban-daban saboda suna nesa da juna kuma hanjin da ke tsakani mai rai ne, ya ishi wanda zai zo daga baya ya fahimci tunanin, ba sai ya yi hasashe ba.

Gurbin abin da aka tarar shi ne zuciyar rahoton, kuma a nan ne maganar baka ta fi cakuɗewa. Likitoci da yawa kan sa shi kafin matakai, wasu fom ɗin kuma bayan su. Wannan bambanci ba shi da wata illa. Abin da ke da illa shi ne a gauraya gani da yi. Dubi jimlar nan: "Akwai wani wuri tsakaninsu da ya yi laushi, na binne shi." Rabinta na farko gani ne, na biyu aiki. Dole a raba ta. A gurbin abin da aka tarar za a rubuta cewa akwai wuri ɗaya da bangon hanji ya yi siriri, yana dab da hujewa, a faɗi inda yake. A gurbin matakai kuma a rubuta cewa an lulluɓe shi da ɗinki ta waje. Likitan da zai zo yana neman amsar tambaya ɗaya, wato wurare nawa ne marasa lafiya a hanjin nan, bai kamata ya tsinto ta daga cikin labarin zare da allura ba.

Sai maganar "wajen arba'in". Arba'in na me, kuma daga ina? Mai rubutu ya san santimita ake nufi, amma awo ba ya da ma'ana sai an faɗi mafarinsa. A wannan aiki daga mahaɗar ƙaramin hanji da babba ake aunowa, domin ita ce alamar da ba ta gusawa, kuma yawancin hujin taifod na faruwa ne cikin santimita 60 na ƙarshe kafin a kai gare ta. Kamar kwatancen gida ne: wanda aka ce wa gida na uku bai ƙaru da komai ba sai an gaya masa daga wace kwana zai fara ƙirga. Huji na farko kuwa babban likita bai ma faɗi inda yake ba, domin a ganinsa kowa ya gani. Nan ne mai rubutu zai tare shi kafin ya fita: "Ranka ya daɗe, na farkon fa, a nawa yake?" Amsa ta zo, sai gurbin ya cika kamar haka:

"Mugunya haɗe da abin cikin hanji, kimanin lita ɗaya. Huji biyu a ƙarshen ƙaramin hanji, a gefen da ke kallon nesa da tantanin da ke riƙe shi: na farko faɗin santimita 1, a santimita 15 daga mahaɗa, na biyu rabin santimita, a santimita 40. Wuri ɗaya mai siririn bango a santimita 25. Kaluluwar tantanin hanji ta kumbura. Afendis lafiya. Sauran ƙaramin hanji lafiya."

Lambobi na buƙatar a maimaita su da baki. A Turanci sha biyar da hamsin sun yi kusa ƙwarai a kunne, balle an faɗe su ta bayan takunkumi ana jin ƙarar injin zuƙa. Mai rubutun da ya san aikinsa yakan karanta wa likitan lambobin ya ji ya amsa. Haka ake yi da dama da hagu a aikin ƙaba ko na ƙoda, inda kuskuren kalma ɗaya kan sa a nemi ciwo a gefen da ba shi ba.

Jarrabawa mafi wuya a wannan gurbi ita ce ta abin da ba a faɗa ba. Babban likita ya ce afendis lafiya. Bai ce komai kan hanta, saifa ko matsarmama ba. Hannu kan yi ƙaiƙayin rubuta cewa sauran kayan ciki duk lafiya, domin jimla ce da ido ya saba gani a folda. Amma shiru na iya nufin an duba ba a ga komai ba, yana kuma iya nufin ba a duba ba. Taifod na kama matsarmama, har takan huda ta. Idan an rubuta lafiya alhali ba a leƙa ba, kuma yaron ya ƙi warkewa, an toshe wa likitan gaba wata ƙofa da ya kamata ya ƙwanƙwasa. Rubuta "ba a duba ba" ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba, ko da bai yi kyan gani ba.

Rufewa ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin lokacin kowa ya gaji, kuma sau da yawa babban likita ya bar wa mataimaki ya ƙarasa. "Kamar kullum" ba ya shiga folda. Kullum ɗin wannan likita ba shi ne na wancan ba. Za a rubuta cewa an haɗa tantanin bangon ciki gaba ɗaya da zaren nailan mai lamba 1, ɗinki mai zarcewa, sannan an ɗinke fata da nailan 2/0 ɗaya-ɗaya, da tazara. Tazarar da gangan ce: ciki mai mugunya yakan gurɓata yankan, don haka ake barin hanyar da ruwa zai fita, wasu likitocin ma sukan bar fatar a buɗe su ɗinke bayan 'yan kwanaki. Ma'aikacin jinya da ya buɗe bandeji ya ga tazara, idan bai ga bayani ba, zai iya zaton ɗinki ne ya kwance. Irin zaren ma na gaya masa abin yi, domin nailan da ke fata sai an cire shi, mai narkewa kuwa a'a.

A nan ne kuma ake faɗin ko an bar robar zurarar da ruwa, a wane gefe, da jinin da aka ƙiyasta ya zuba, misali mililita 150, da naman da aka tura ɗakin gwaji. Sai ƙirga. Kundin duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abubuwa 19, ya tanadi cewa kafin majiyyaci ya bar ɗakin, ma'aikaciyar jinya ta tabbatar da baki sunan aikin da aka yi, cewa kayan aiki da allurai da ƙyallayen tsane jini sun cika, kuma an rubuta suna a jikin kwalbar gwaji. Mai rubutu ba ya sa "ƙirga ya cika" don al'ada. Sai ya ji daga bakin wadda ta ƙirga. Idan kuwa an bar wani ƙyalle a ciki da niyya don danne jini, dole adadinsa da ranar cire shi su fito ɓaro-ɓaro.

Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila, a jagorar aikin da ta sabunta a 2014, ta jera abubuwan da ya kamata a samu a irin wannan rahoto, tun daga kwanan wata da lokaci, sunayen likita da mataimaki da mai sa barci, har zuwa matsalolin da aka ci karo da su, cikakken umarnin kula bayan aiki, da sa hannu. Likitocin Najeriya da ke bitar foldojin asibitocinsu kan yi amfani da wannan jeri a matsayin ma'auni. Maganar matsaloli ita ce ke buƙatar ƙarfin hali. Idan a wajen raba hanjin da ya manne an yage fatarsa an gyara, sai an rubuta, a faɗi wurin, ko da likitan bai sako shi a jawabinsa ba. Ƙaramin likita ba zai shigar da shi a ɓoye ba, ba kuma zai share shi ba. Zai tuna wa babbansa, su daidaita kalmomin.

"Kada ya ci komai, a ci gaba da magani" kuwa sai an mai da shi umarnin da mai aikin dare zai iya bi: ba ci ba sha har sai likita ya duba ya ba da izini, ruwan jijiya kaza cikin sa'a kaza gwargwadon nauyin yaron, sunan kowane magani da adadinsa da tazararsa, a auna fitsari kowace sa'a, da alamomin da za su sa a kira likita nan take.

Amfanin duk wannan kan bayyana ne idan abu ya ɓaci. A ce a kwana na shida zazzaɓi ya dawo, ciki ya sake kumbura, wani ruwa kore ya fara tsattsafowa ta yankan. Likitan da ke bakin aiki ba ya nan daren da aka yi tiyatar. Ya buɗe folda ya ga akwai ɗinki a santimita 15 da 40, da wuri mai rauni a 25. Idan aka sake buɗewa, hanjin ya kumbura ya manne da juna, amma ya san daga inda zai auna da wuraren da zai fara dubawa. In ya tarar da ɓula a 25, wurin da aka binne ne bai riƙe ba. In a 55 ya same ta, sabon huji ne, cutar ce ke ci gaba, kuma wannan na iya karkata shi ga yanke sashen ko fito da hanji waje maimakon sake ɗinki. Da rahoton ya ce kawai an ɗinke huji biyu, babu yadda zai bambance su.

Lokacin rubutu ma sharaɗi ne. Ana son rahoton ya bi majiyyaci zuwa ɗakin farfaɗowa, domin lambobi na saurin zamewa daga kai, musamman idan an shiga wani aikin makamancinsa a daren. Babban likita zai karanta kafin ya sa hannu, ba ya sa hannu a farar takarda a cike daga baya ba. Idan ya ga kuskure, ana ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta gyaran a gefe da kwanan wata da sa hannu. Sakamakon gwajin naman kuwa, wanda kan ɗauki kwanaki ko makonni, ba a komawa da shi cikin rahoton tiyata a canza abin da aka rubuta. Ana buɗe masa sabon shafi a folda, da ranar da ya iso.